Sha Ɗayansu, Gomanmu

Na iya karanta agogo ina da jika a gidan ɗana. Kafin nan lokacina salla ne da inuwar katanga: in inuwa ta taɓa bakin murhun banda, na san kifi ya isa juyi. Shekara da shekaru haka nake sayar da bandar kifi ga direbobin manyan motoci da ke jiran a buɗe musu hanya a bakin gadar Gaya, kuma ban taɓa makara ba.

Da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar. Motocin suka daina zuwa, masu ƙetarawa Malanbil ta ƙasar Benin suka koma shiga kwalekwale, wutar lantarki, wadda muke ce wa kuran, ta zama baƙuwa, in ta zo da safe ba ta kai azahar. Zaman banza ya ishe ni. Sai na shiga ajin manya da wata malama ke koyarwa da yamma a lakwal ɗin unguwarmu, makarantar boko, bayan yara sun tashi. Malamar nan sa'ar ƴata ce, tare suka yi wasan ƙasa. Ita tana ce mini Inna, ni ina ce mata Malama, ko da na taɓa goya ta.

Ni ba ni koyon abu rabi-rabi. Da na gane baƙi da lamba, sai na addabi gari. In ga allon kanti in tsaya in karanta da ƙarfi. In ga agogo a hannun mutum in ce ya faɗa mini lokaci, don kawai in gyara masa in ya yi kuskure. Matan ajinmu suka sa mini suna Sufeta. Ban ji haushi ba. Daɗi ma na ji.

Ƴata ta fari tana Faransa a lokacin, tana karatu kan ruwan noman shinkafa. Ta tafi tun kafin a yi juyin mulki. Ƴar fari ce, don haka ban taɓa kiran sunanta ba. A gidanmu haka aka yi mini, haka na yi mata: ba na yabonta a gaban mutane, ba na kallonta ido cikin ido, in zan kira ta sai in ce «ke» ko «waccan». Amma ni ce na tsaya da ƙafa biyu lokacin da ubanta ya rasu, ƙanensa da ke kasuwancin atamfa a Lome ya zo ya ce karatun ya isa haka, ta dawo ta kama mini sana'a. Na ce masa kifina bai yi kukan rashin hannu ba. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu da shi, ita ma a tsaitsaye.

Ita ƴar tawa ta aiko mini da babbar waya, Malama ta saita mini komai a ciki. Wayar ta iso a lokacin sanyi, daidai lokacin da muke koyon agogo. Sai na mayar da yarinyar nan abin gwaji. Duk ranar da muka yi magana sai na ce:

«Ke, ƙarfe nawa a wurinku?»

«Biyar da kwata, Inna.»

In duba tawa, biyar da kwata. Na gwada da safe, na gwada da yamma, na gwada har ta fara dariya tana cewa ko aikin duwan, masu bincike a bakin iyaka, na samu. Kullum ɗaya. Na riƙe wannan a kaina kamar karatun allo: agogonmu da na Faransa ɗaya ne. Ban yi mamaki ba ma. Mu a Gaya ƙasa uku muke taka wa a yini guda. Ka je Kamba ta Najeriya cin kasuwa, ka ƙetara Malanbil, kuɗi ya canza ko harshe ya canza, tutar soja ta canza, amma ban taɓa ganin wanda ya tsaya a bakin iyaka yana murɗa agogonsa ba. Da na tabbatar sai na daina tambaya.

Da zafi ya yi nisa, ruwan farko ya sauka, ta kira ni. Muryarta ba irin ta kullum ba.

«Inna, an sa ranar sutunans ɗina.»

Ta yi mini bayani: ranar da ɗalibi zai tsaya gaban manyan malamai ya kare aikin da ya rubuta, su yi masa tambayoyi, su yanke hukunci. Ta ce sauran ɗalibai iyayensu na zuwa su zauna a baya. Ni kam ba maganar zuwa, ko takardar shiga ƙasar ba a bayarwa a lokacin. Amma ta roƙi malamanta, sun yarda a ajiye na'ura a kan tebur, danginta su shigo ta bidiyo.

«Ranar Talata ce, ƙarfe sha ɗaya. Zan turo gayyata cikin kalandar wayarki. Ki taɓa shuɗin rubutun kawai, za ki gan ni.» Sannan ta ce, «Inna, ban taɓa roƙonki komai ba. Ina so in ɗaga kai in ga fuskarki. Akwai abin da zan faɗa da Hausa a ƙarshe.»

Na ce, «To, na ji. Ki ci abinci.» Abin da na iya faɗa ke nan. Da na ajiye wayar sai da na shiga ɗaki na zauna bakin gado.

Gayyatar ta shigo washegari. Na buɗe da kaina, na karanta da kaina: Talata, ƙarfe goma. Na goge fuskar wayar da bakin zane na sake dubawa. Goma.

Da yamma na kai maganar aji. Kafin in zauna ma na riga na gayyaci kowa, na ce ranar Talata kowace ta zo gidana da ankon da muka yi na bikin rufe aji, za a ga ƴar mai kifi tana magana gaban Turawa. Sannan na miƙa wa Malama wayar na ce ta gyara mini wannan shirmen, yarinya ta ce sha ɗaya, abu ya rubuta goma.

Malama ta duba, ta shiga wani wuri ta fito, ta ce, «Inna, ba shirme ba ne. Wayarki tana kan lokacin Nijar daidai. Goma ɗin ne naki.»

«Da kunnena na ji sha ɗaya.»

«Sha ɗayansu ne. Gayyatar nan ba lamba take ɗaukowa ta kawo miki ba. Lokaci guda ɗaya take riƙewa, wanda za a fara, tare da garin da aka rubuta ta. Kowace waya in ta karɓa sai ta duba ƙasar da aka saita ta a kai, ta fassara wa mai ita da agogon wurinsa. Ita a can ta ga sha ɗaya, ke a nan ki ga goma, kuma a tare za ku zauna.»

Wata tsohuwa daga Tanda, mai zuwa aji a bayan amalanken ɗanta, ta ce, «Kamar sallar Makka a talabijin ke nan. Su suna magariba, mu rana na nan tsaye.»

Na ce, «Makka daban. Faransa na gwada ta da kaina, wata da watanni. Agogonmu ɗaya.»

«Da sanyi kika gwada,» in ji Malama. «Da sanyi ɗaya ne. Amma su in sanyinsu ya wuce, wajen ƙarshen watan uku, sai su tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya. Sai wajen ƙarshen watan goma su dawo da shi. Mu ba mu taɓa namu. Yanzu suna gabanmu da awa guda, kuma kalandar ta san da haka.»

Ajin ya fashe da dariya, ni ce kan gaba. Na ce, «Su tura agogo? Ranar ta ubansu ce? Ƙasa guda ta tashi da safe ta ce yanzu bakwai ta zama takwas, kuma ba wanda ya ce uffan?»

Wata ta ce, «Ko sojanmu bai yi wannan ba!»

Aka sake kwashewa. Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce in kira ƴar tawa in tambaye ta, magana ɗaya ce.

A daidai nan saƙon murya ya shigo. Ƙanen mijina ne daga Lome, mutumin da ya shekara bai neme ni ba. Na kunna a gaban kowa.

«Matar Yaya, ina wuni. Ɗiyarmu ta turo mini gayyata, na ga ƙarfe tara na safe. Na ce in ji ko haka ne a wurinku.»

Wallahi ji na yi kamar an ba ni kujerar alƙali. Na miƙe tsaye. Na ce, «Kun ji? Tara, goma, sha ɗaya! Taro ɗaya, lokaci uku. Wanda ya faɗi magana uku a kan abu ɗaya me sunansa a garin nan?»

«Maƙaryaci!» in ji matan.

Malama ta ce, «Inna, ai wannan ne ya nuna gaskiyarta. Lome suna bayanmu da awa ɗaya, Faransa suna gabanmu da ɗaya. Taran Alhajin Lome da gomanki da sha ɗayanta duk abu guda ne. Da a ce duka wayoyin sun nuna sha ɗaya, da kowa ya zo a lokacinsa daban.»

Abin da na mayar mata ba zan rage shi ba. Na ce, «Ke da ita wa ya fi sanin ranarta? Ita tana can tana kare digiri, ke kina nan kina koya wa tsofaffi a da ba. Na goya ki kina fitsari a bayana. Ba ke za ki gaya mini lokacin ƴata ba.»

Malama ta sunkuyar da kai, ta miƙo mini wayar da hannu biyu, ta ce, «Allah ya huci zuciyarki, Inna.» Ta juya ga allo.

Ban kira ƴata na tambaya ba. Na gaya wa kaina tana cikin karatu, kada in dame ta. Gaskiyar ita ce ban so ta ji cewa uwarta, wadda ke aika mata hoton rubutunta kowane mako, ta kasa gane ƙarfe nawa aka ce mata. Shi kuwa na Lome na aika masa amsa a gajarce: wayarsa ce ta lalace, sha ɗaya ne.

Duk wanda ya zauna Gaya a shekarun nan ya san yadda muke yi da waya. In kana da muhimmin kira, tun jajibiri za ka kai ta wurin mai sola ta cika, ka kashe ta ɗungurungum, ka sa ƙarƙashin matashi, ba za ka kunna ba sai lokaci ya yi. Haka na yi ranar Litinin. Ban tsaya nan ba. Na taɓa jin ana cewa in wayoyi suka yi yawa a wuri ɗaya suna janye wa juna rezo, wato ƙarfin layin waya. Da matan suka fara isowa da hantsi, sai na ajiye ƙwarya a bakin zaure. Kowace ta shigo ta kashe wayarta ta jefa ciki.

«Sufeta, yau kuma kwastan kika zama?»

«Kashe ki wuce. Ba a kan gulmarki da ƙanwarki hoton ƴata zai tsinke ba.»

Na rufe ƙwaryar da faifai na tura ƙarƙashin gado. Lokaci kuwa muna dubawa a agogon bangon da na saya da na fara aji.

Gida ya cika. An shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, an dafa dambu da zogale, na fito da kifin da na ware tun mako guda, manyan da ba na sayar wa kowa. Na sa turmi a tsakiya na ɗora matashi, wurin da waya za ta zauna. Da agogo ya nuna goma, ina tsaye ina koya wa mata yadda za su yi: ba guɗa sai an gama, ba mai leƙa fuska gaban tawa, in Bature ya yi magana a yi shiru ko ba a ji ba. Tsohuwar Tanda ta ce a hankali, «Goma fa ta yi. Ko a ɗan kunna a gani?» Na ce mata caji ba ruwan kogi ba ne.

Na shiga wanka. Na ɗaura sabon zane, na tsaya gaban madubi ina gyara ɗankwali, na kwance na sake ɗaurawa har sau nawa. Ina ta tunanin yadda zan riƙe fuskata in ta ɗago kai, don ban saba kallonta ba.

Sha ɗaya saura kaɗan na kunna wayar. Kafin in taɓa komai ta fara rawa a hannuna, ta ƙi tsayawa. Tunatarwar kalanda. Saƙonnin da ke cewa an neme ni: ƴata, Malama, na Lome, Malama, ƴata. Na taɓa shuɗin rubutun, abin ya yi ta juyawa, sannan hoto ya buɗe.

Ɗaki ne mai fararen kujeru, yawancinsu ba kowa. Wani mutum yana naɗe igiyar na'ura. A bango can baya akwai agogo babba, kuma ni da na iya karatu ba wanda ya buƙaci ya karanta mini shi: sha biyu saura kaɗan. Na ɗaga kai na dubi nawa na bango. Sha ɗaya saura kaɗan.

A gefen hoton, cikin ɗan ƙaramin akwati, ga ƙanen mijina da hularsa, a cikin shagonsa, atamfofi jere a bayansa. Tun taransa yake zaune.

Sai ga ta ta matso. Ta sa doguwar rigar da na ɗinka mata kafin ta tafi. Ta sunkuyo, ta dube ni, ta dubi matan da suka cika bayana da anko iri ɗaya.

«Inna. An gama.»

Wata daga baya da ba ta ji daidai ba ta saki guɗa. Aka yi mata tsawa.

«Na ci, Inna. Sun yaba.» Ta yi murmushin da ban taɓa so in gani a fuskarta ba, irin na mai ba wa baƙo haƙuri. «Na yi ta kira. Na ɗauka kuran ne.»

Da na ce kuran ne, da ta yarda. Mata ashirin a bayana ba wadda za ta tona. Amma ga mai hula a cikin akwatinsa, da saƙona a wayarsa. Na ce, «Ba kuran ba ne. Wayar ta ce goma, Malama ta ce goma, ni na ce sha ɗaya.»

Ta rufe ido. «Laifina ne, da na ce miki gomanku. Na manta an canza.»

«Ba laifinki ba ne.» Na matso kusa da wayar. «Abin da kika ce za ki faɗa da Hausa fa?»

«Na faɗa.»

«Sake faɗa.»

Ta waiwaya. Mai naɗe igiyar nan yana tsaye yana jiran na'urarsa, wasu ɗalibai sun fara shigowa da nasu iyayen.

«Ba a ɗauki bidiyon ba, Inna, kuma masu ɗakin sun zo. Zan kira ki.» Hoton ya ɗauke.

Ba wadda ta yi mini dariya. Da sun yi da na samu abin faɗa. Ɗaya bayan ɗaya suka ce barka, Allah ya sa albarka, suka ci dambun a tsaitsaye. Ni da kaina na janyo ƙwaryar daga ƙarƙashin gado na tsaya a zaure ina miƙa wa kowace wayarta. Suna kunnawa ina jin saƙonnin Malama na shigowa a kowace ɗaya. Tana aji da yara, ba ta iya fitowa ba, sai ta bi lambobin ɗalibanta kaf.

Bayan azahar na Lome ya kira. Na shirya wa gorinsa, na ma tanadi amsa. Bai yi ba.

«Matar Yaya, na ce bari in gaya miki tun ban manta ba. Da malaman suka gama, ta juyo wajen na'urar. Ta ga ni kaɗai ne. Ta ɗan tsaya, har na ce ko ba za ta yi ba. Sai ta yi. Ta ce wannan aiki na wata mata ce mai bandar kifi a bakin gada, wadda hayaƙi ya ci mata ido don ita ta yi karatu, wadda ta shiga aji da furfura don ta karanta sunan ƴarta a takarda ko da ba za ta faɗe shi da baki ba. Sannan ta fassara musu. Tsohuwar cikinsu ta cire tabarau.» Ya yi gyaran murya. «Ni aka sa a gaba ina ji, ni da na ce a cire ta. Ba ke kaɗai kika ji kunya yau ba.»

Na ce, «Me ya sa ba ka bi maganata ba, ka shiga da tara?»

«Na ce in ni ne na yi kuskure, zaman awa biyu ne a shago. Ai dama a shagon nake.»

Da yamma na tafi aji. Ban sa anko ba. Na tsaya a wurin da na tsaya na zage ta, na ce, «Malama, a gaban mutanen nan na ci mutuncinki, a gabansu nake roƙon gafara.» Ta ce ba komai, ta ce in zauna. Na ce ba zan zauna ba sai ta sake yin bayanin nan daga farko. Ta zana agogo uku a allo, ta rubuta Lome, Gaya, Faransa, ta ja layi ɗaya ta ratsa su duka. Na kwafe. Ba wadda ta kira ni Sufeta ranar, kuma sunan bai dawo ba.

Ƴata ta kira kafin magariba, ita a can rana ba ta ko yi sanyi ba. Ta ba ni labarin tambayoyin da aka yi mata, da abincin da ƙawayenta suka dafa. Na ce baffanta ya gaya mini abin da ta faɗa. Ta ce, «To.» Na jira ko za ta maimaita, ba ta yi ba, ni kuma ban da bakin sake roƙo. Har yau daga bakinsa kaɗai na san maganar.

Za ta ajiye sai na kira sunanta. Sunan yanka, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Ya fito mini a karkace kamar kalmar wani harshe. Na duba fuskar wayar ko rezo ne ya tafi.

«Na'am, Inna.»

Ban tanadi abin da zai biyo baya ba. Na ce, «Ƙarfe nawa a wurinku?»